Auna Danshin Tukunya Mai Zurfi Kafin Ban Ruwa: Tsinken Tsire Ko Na'ura

Mai shuka a tukunya yakan duba saman ƙasa, ya ga ta yi fari ta bushe, ya ɗauko buta. A tukunya marar zurfi, irin ta na'a-na'a ko albasa mai lawashi, wannan dubawar ba ta cika yin kuskure ba, domin sama da ƙasa ba su da nisa. Matsalar tana farawa ne idan zurfin ƙasar ya kai santimita 30 ko ya wuce, kamar a bokitin fenti mai lita 20 ko rabin duro da ake dasa lemun tsami, gwaiba ko zogale a tsakar gida. Ɗan yatsa ba ya wuce santimita 5 zuwa 6 a cikin ƙasa, alhali yawancin saiwar da ke shan ruwa tana can ƙasa da haka. Wanda ya dogara da yatsa ko ido yana yanke hukunci ne da labarin kashi ɗaya cikin biyar na tukunyar, kuma wannan kashin shi ne ya fi saurin bushewa. Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne, ƙwayar tsinke ɗaya ta itace tana ba da labarin gindin tukunya fiye da na'urar auna danshi mai araha, kuma na'urar tana amfani ne idan an fara gwada ta da tsinken.

Sai an san yadda ruwa ke zama a cikin tukunya kafin a iya karanta tsinke. A ɗauki guntun soson katifa a jiƙa shi sharkaf, a tsayar da shi a kan siminti. Ruwa zai tsiyaye na ɗan lokaci ya tsaya, amma idan aka taɓa za a ji saman ya fara sakin ruwa, ƙasan kuwa yana nan cike. Haka ƙasar tukunya take. Bayan an yi ban ruwa, rarar ta fice ta hudar gindi, akwai wani sashe a can ƙasa da ruwa ke cika duk ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ba ya fita sai saiwa ta shanye shi. Kaurin wannan sashen ya dogara ne da laushin ƙasar. Laka da baƙar ƙasa mai laushi suna riƙe shi da kauri, rairayi mai tsakuwa-tsakuwa yana riƙe kaɗan. Shi ya sa zuba tsakuwa a gindin bokiti, wanda mutane da yawa ke yi da kyakkyawar niyya, ba ya kawar da shi. Ruwa ba ya saurin tsallakawa daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa, sai jiƙaƙƙen sashen ya koma sama kaɗan, kusa da saiwa. Ita kuma saiwa tana numfashi. Idan ƙofofin iska suka kwana suna cike da ruwa, kwanaki kaɗan sun isa ƙananan saiwoyi su mutu su fara ruɓewa, daga nan shukar ta kasa shan ruwan da take zaune a cikinsa. Ganye ya yi yaushi, mai shi ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa.

Tsinken da ake bukata ba shi da wuyar samu. Tsinken tsire sabo, wanda bai taɓa nama ba, ya isa ga tukunyar da zurfinta bai wuce tsawonsa ba. Dole ya zama sabo, domin wanda aka gasa nama da shi ya sha mai, kuma itacen da ya sha mai ba ya shan ruwa, ga shi ƙamshin ƙuli da yaji yana jawo tururuwa. Ga bokiti mai lita 20 a tsaga gora a fere ta, tsawonta ya kai santimita 40, kaurinta kada ya wuce na fensir, a ɗan fiƙe bakin. Kada a shafa mata fenti ko wani mai sa ƙyalli. Itace mai haske ya fi, don a kan baƙin itace ba a ganin canjin launi. Yana da kyau a yi tsagi da wuƙa a kowace santimita 10 daga bakin, ta yadda idan an zaro za a san daidai inda danshi ya tsaya ba tare da neman abin awo ba. A tanadi biyu ko uku, saboda tsinken da bai bushe daga awon jiya ba zai nuna danshin jiya.

Wurin sokawa shi ne tsakiyar tazarar da ke tsakanin gindin shukar da bangon tukunya. Jikin bango yana bushewa da wuri, musamman a tukunyar ƙasa da ke fitar da danshi ta jikinta ko baƙar roba da rana ke duka, don haka awon wurin yana nuna bushewa fiye da yadda take. Daf da gindi kuma manyan saiwoyi ne, ba a so a huda su. A tura tsinken a miƙe, a hankali, ana ɗan murza shi, har ya taɓa gindin tukunyar. Idan ya ci karo da abu mai tauri kada a matsa da ƙarfi, a zare a matsa gefe kaɗan. Sannan a bar shi minti 10 zuwa 15. Nan ne mutane suka fi yin gaggawa: su soka su zare nan take, itace bai samu lokacin shan komai ba, ya fito fari, su ce ƙasa ta bushe. Kafin a zaro, a kama tsinken da yatsa biyu daidai bakin ƙasa, don a san inda awon ya fara.

Abu uku ake dubawa, kuma suna taimakon juna. Launi shi ne na farko: inda ƙasa ke da danshi itacen yana yin duhu, kuma sau da yawa ana ganin layi sarai tsakanin fari da duhu. Sai abin da ya manne. Idan ƙasa ta laƙe kamar taɓo, aka shafa ta bar shafe a yatsa, wurin a jiƙe yake sharkaf. Idan ƙananan ɓurɓushi ne suka manne, suna zubewa da an karkaɗe, danshi ne madaidaici, wanda saiwa ta fi so. Idan tsinken ya fito tas, ko da ƙura kawai, wurin ya bushe. Na uku shi ne sanyi. A ɗora tsinken a bayan hannu ko a kunci: jiƙaƙƙen sashe yana da sanyi ko da launin bai nuna sosai ba, kuma wannan yana ceton mai amfani da rairayi, wanda ba ya mannewa a itace ko da yana da laima. Hanci ma yana da aikinsa. Bakin tsinken da ya fito da wari mai tsami, irin na kwata, yana nuna ruwa ya daɗe a kwance iska ba ta shiga, kuma a lokacin maganar ban ruwa ta tashi, sai maganar buɗe huda.

A ɗauki misalin lemun tsami ɗan shekara biyu a bokitin fenti, zurfin ƙasarsa santimita 32, an haɗa ta da jar ƙasa da rairayi da ruɓaɓɓen kashin shanu, a tsakar gida a Kano cikin watan Janairu. Lemun tsami yana son kashi ɗaya cikin uku na sama ya bushe kafin a sake ba shi, wato wajen santimita 10 zuwa 12, ƙasan kuma ya zama ɗanye ba taɓo ba. An ba shi ruwa ya ƙoshi ranar Asabar. Zuwa Litinin iskar hunturu ta busar da saman har ya fara tsagewa, duk wanda ya gani zai ce a kawo ruwa. Tsinke kuwa zai iya fitowa da fari na santimita 3 kacal, sauran duk duhu, bakinsa da taɓo. Ranar Alhamis farin ya sauka zuwa santimita 7, taɓon bakin ya koma ɓurɓushi. Sai wajen Lahadi ko Litinin ta gaba farin ya kai santimita 10 ya ɗan wuce, wannan ita ce ranar ruwa. Dalilin wannan jinkirin shi ne, busasshiyar iska tana kwashe danshin saman ƙasa da sauri, amma sanyin dare da hazo suna rage yawan ruwan da shukar kanta ke ja. Bokitin nan dai a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, zai iya yin wannan tafiyar cikin kwana biyu ko uku. A watan Agusta, idan yana waje yana shan ruwan sama, ana iya yin makonni ba a ɗauki buta ba. Kwanakin nan misali ne, suna sauyawa da girman shuka da inuwa da irin ƙasa, amma yadda farin ke sauka a hankali daga sama iri ɗaya ne a ko'ina.

Idan ranar ta zo, a ba lemun tsamin ruwa sosai. Bokiti irin wannan yakan sha lita 3 zuwa 4. A zuba rabi a hankali, a jira minti biyar, a zuba sauran har a ga ruwa yana fita ta gindi. Bayan awa ɗaya a sake soka busasshen tsinke, domin fitar ruwa ta gindi ba ta tabbatar da cewa ƙasar ta sha ba. Ƙasa mai laka idan ta bushe sosai takan tsuke ta rabu da bangon tukunya, sai ruwa ya bi ta wannan tsagar ya fice, tsakiya na nan ƙamas. Tsinken zai nuna haka: duhu a sama, fari a tsakiya. Maganinsa a cike tsagar da ƙasa, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, ko a tsoma gindin bokitin cikin baho mai ruwa na rabin awa ya sha daga ƙasa. Akwai kuma tukunyar da ake yayyafa wa kofi ɗaya kullum da safe. Ita tsinkenta kan fito da jiƙaƙƙen sama da busasshen baki, saiwa ta taru a sama inda rana ke ƙona ta. Sabon dashe ma yana da nasa tarkon. Dunƙulen ƙasar da ya zo da shi a leda daga wurin masu sayar da dashe sau da yawa ya bambanta da wadda aka zagaye shi da ita, yana iya bushewa alhali ta gefe tana jiƙe, ko akasin haka. A makonnin farko sai a auna wuri biyu, cikin dunƙulen da wajensa, a bi na ciki.

Ba kowace shuka ke jiran layi ɗaya ba. Tumatir da barkono masu fure ko 'ya'ya ba sa son farin ya wuce santimita 5 ko makamancin haka, kuma tumatirin da ake bari ya bushe ƙwarai sannan a cika shi da ruwa yakan tsage. Zogale yana jure fiye da lemun tsami, ana iya barin rabin tukunyarsa ya bushe, kuma kwantaccen ruwa ya fi ƙishirwa saurin kashe shi. Kariya, mai kaurin gindi da jan fure, tana ajiye ruwa a jikinta, ita sai tsinke ya fito fari har baki.

Na'ura mai araha da ake sayarwa a shagunan kayan lambu sanda ce ta ƙarfe mai tsawon kusan santimita 20, da kai mai allura da lambobi daga 1 zuwa 10. A yawancinsu 1 zuwa 3 ja ne, alamar bushewa, 4 zuwa 7 kore, 8 zuwa 10 shuɗi, alamar jiƙa. Ba ta da batir. Bakinta ƙarfe iri biyu ne daban-daban, idan suka haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa sai su haifar da 'yar wutar lantarki da ke motsa allurar. Ke nan abin da take aunawa shi ne sauƙin wucewar lantarki, kuma wannan ya dogara da ruwa tare da gishirin da ya narke a cikinsa. Tukunyar da aka zuba wa takin zamani, ko kashin kaji, ko toka, ko wadda ta daɗe tana shan ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri, za ta tura allura sama ko da danshinta kaɗan ne. Mai shuka ya ga 7 ya koma ɗaki, lemonsa na jin ƙishi. Farin ɓawo a bakin tukunya ko a saman ƙasa alama ce ta wannan tarin gishirin. A ɗaya ɓangaren, ƙasa mai sako-sako da aka haɗa da ɓuntun shinkafa ko gawayi ba ta rungumar ƙarfen da kyau, sai allura ta tsaya a 2 ko 3 alhali akwai ruwa isasshe, mai shi ya ƙara. Sannan bakin sandar kaɗai ke aunawa, kuma a bokiti mai santimita 32 bakin ba ya kai wa sashen da ruwa ke kwanciya.

Wannan bai sa na ce a jefar da ita ba. Wanda ke da tukwane talatin ba zai jira minti 15 a kan kowace ba, na'urar kuwa cikin minti ɗaya ta ba da lamba. Abin yi shi ne a koya wa kai ma'anar lambobinta a ƙasar da ake amfani da ita. Bayan ban ruwa mai kyau da awa ɗaya, a soka ta zuwa santimita 10 a rubuta lambar, a tura ta har iyakarta a rubuta ta biyu. Ranar da tsinke ya ce lokaci ya yi, a sake auna zurfin nan biyu a rubuta. Wata tukunyar lambar ban ruwanta 3 ce, wata mai taki da yawa 5 ce, kuma wannan lambar ake bi, a bar launin da kamfani ya shafa. Duk lokacin da aka zuba taki ko aka sauya ruwan da ake amfani da shi, tsohon awon ya tashi, a sake gwadawa da tsinke. Idan su biyun suka saɓa, tsinken ne mai gaskiya, domin shi ruwan kansa ya sha ya fito da shi a jikinsa, gishiri ba ya canja masa komai.

Wani zai ce ɗaga tukunya a ji nauyinta ya fi duk wannan sauƙi. Gaskiya ne a ƙananan tukwane, kuma masu rainon dashe suna yin haka da leda. Amma bokiti mai lita 20 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana iya wuce kilo 25, bambancin lita 2 ko 3 na ruwa ba ya fitowa sosai a hannu, rabin duro kuwa ba mai ɗaga shi. Nauyi kuma ba ya faɗin inda ruwan yake. Wani zai ce a jira ganye ya nuna. Yaushin ganye yana da uwa uku: ƙishirwa, ruɓewar saiwa, da zafin tsakar rana da ke sa ganye ya langaɓe ko da ƙasa na jiƙe, ya miƙe da la'asar. Ido ba ya raba su da sauƙi, tsinke yana rabawa. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na cewa yawan soka yana yanka saiwa. Yana yanka 'yan ƙanana, babu musu, sai dai shuka mai lafiya tana maye gurbinsu kullum, kuma siririn tsinke sau biyu a mako ba ya kusa da ɓarnar kwana huɗu a cikin taɓo. Za a iya rage ɓarnar ta sauya wurin sokawa kaɗan da guje wa gindi. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne ɗaukar cuta: tsinken da ya shiga tukunya mai wari kada ya shiga wata, a jefar da shi.

Wasu suna barin tsinken a cikin ƙasa dindindin, su zaro su duba su mayar. Yana aiki na ɗan lokaci, amma itacen da ya daɗe a ƙasa yana rina ya yi duhun da ba ya gogewa, yana kuma riƙe danshi bayan ƙasar gefensa ta fara bushewa, ga gara da ke son sa. Na'urar kuwa barinta a ƙasa yana cinye bakinta, allura ta daina motsi yadda ya kamata. Bayan kowane awo a goge ta da busasshen tsumma, idan bakin ya dushe a ɗan goga shi da soson ƙarfe mai laushi, a ajiye ta inda ba laima.

Idan mako ya zagayo bakin tsinke yana fitowa da taɓo kullum, ko da saman ya bushe, a karkata bokitin a duba gindinsa. Sau da yawa huda ɗaya ce ƙarama, ƙasa ta toshe ta, ko bokitin yana zaune daram a kan siminti ruwa ba shi da hanyar fita. A ƙara huda biyar ko shida masu faɗin ɗan yatsa, wasu a gefe daf da gindi, a ɗora bokitin a kan bulo biyu, a zubar da duk ruwan da ya taru a faranti idan akwai. Idan bayan kwana huɗu ko biyar taɓon bai koma ɓurɓushi ba, sai a zare shukar a duba saiwa: mai lafiya tana da haske da ƙarfi, ruɓaɓɓiya launin ƙasa ce mai laushi, fatarta na saɓulewa idan an ja. A yanke ruɓaɓɓun da wuƙa mai tsabta, a sake dasawa a ƙasar da aka ƙara wa rairayi mai kauri, a ajiye a inuwa, kuma kada a sake ba ta ruwa bayan na ranar dashe sai farin tsinke ya kai santimita 10.